Sabon shiga kicin: sauri da wuƙa ba tare da an yanke ba

Tambaya: Salam Oga. Sati uku kenan da aka ɗauke ni aiki a wani gidan abinci, an sa ni ɓangaren yanke-yanke. Sau biyu ina yankewa a hannun hagu, ga shef kullum cikin faɗa wai na cika nawa. A gida na iya yanka albasa a hannu ba matsala, amma nan sai a katako. Dan Allah ya zan yi in ƙara sauri ban ji ciwo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da aiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da ƙila ba za ka so ji ba, wannan yankan na gida ka ajiye shi a gida. Ni ma da shi na tashi, ina kallon Inna tana riƙe kuɓewa a hannu tana tsarga ta tana yanka wa cikin kwano, wuƙar tana zuwa ta tsaya a kan babban yatsanta kuma ko ƙwarzane babu. To amma ka duba wuƙar da take amfani da ita, ƴar ƙarama ce kuma rabinta a dakushe, albasa biyu ko uku za ta yanka, a zaune take kan kujera ƴar tsugunno ba mai bi ta bayanta da tukunyar mai. Kai kuma an miƙa maka wuƙa mai tsawon inci 8 wadda ke aske gashin hannu, an dire maka rabin buhun albasa, ana ta ihun oda. In ka kawo salon Inna nan wurin wallahi babban yatsanka ne zai biya kuɗin.

Kuma ina da tabbacin ko ban ga hannunka ba na san inda ka yanke, ko dai kan ɗan yatsan tsakiya kusa da farce, ko gefen babban yatsa. Kusan duk yaran da na koya wa aiki nan ne. Dalili kuwa duk hankalin sabon shiga yana kan hannun da ke riƙe da wuƙa, alhali hannun da ke riƙe da albasar shi ne direba, na daman ɗan aike ne kawai.

Kafin mu zo kan hannu, katako tukunna. Teburin kicin ƙarfe ne mai santsi, katakon roba in ka ɗora a kansa haka nan zai riƙa zamewa, musamman da ruwan tumatir ko mai ya shiga ƙarƙashi. Ka jiƙa ƙaramin tawul ko tsumma mai tsabta, ka matse shi sosai, ka shimfiɗa shi shar ba tare da ninki ya yi tudu ba, sai ka ɗora katakon a kai. Tura shi da tafin hannu, in ya motsa ko kaɗan ka sake gyarawa. Aikin sakan 10 ne. In katakon ya lanƙwashe yana rawa kamar teburin mai shayi, ko ya yi ramuka masu zurfi da wuƙa ke faɗawa ciki tana karkacewa, ka nuna wa shef a canza. Ka kuma lura da launin katako na gidanku, a yawancin wurare ja na ɗanyen nama ne, shuɗi na kifi, kore na ganye da kayan salak, sauran launukan suna bambanta daga gida zuwa gida don haka ka tambaya kar ka yi kintace.

Sai riƙon wuƙa. Yawancin sabbi suna damƙe ƙotar can baya kamar za su sare reshe, wasu kuma su miƙe manuni a kan bayan wuƙar suna ganin hakan ne gwaninta. Duka biyun wuƙa na yi maka rawa hagu da dama. Ka matso gaba, babban yatsa da manuni su tsunkule ƙarfen kansa daidai inda ya haɗu da ƙota, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, sauran yatsu ukun su naɗe ƙotar. Kwana uku na farko zai yi maka wani iri, har kanta za ta fito maka a gindin manuni, duk wanda ya daɗe a kicin yana da ita. Kar ka matse da ƙarfi, in ka ga wuyan hannunka na ciwo bayan minti 20 to ko matsewa kake yi ko wuƙar ce ba kaifi.

Yanzu hannun hagu, nan zan daɗe don nan ne maganar take. Ka lanƙwashe yatsunka kamar ƙafar kaza ta kama reshe, kan yatsun su danne albasa suna kallon ƙasa kuma sun ɗan koma ciki, gaɓar yatsa ta fi farce fitowa gaba. Babban yatsa ya ɓuya a baya, bayan sauran, yana tokare albasar. Sai ka jingina gefen wuƙar, faffaɗan jikinta, a jikin gaɓar yatsan tsakiya. Eh, wuƙar ta riƙa taɓa yatsanka, kuma wannan ne sabbi ke tsoro, suna janye hannu nesa suna ganin sun tsira. Ai in tana goga gaɓarka tana hawa tana sauka ka san inda take ko ba ka kallo, gaɓar ta zama katanga, kuma kan yatsunka suna bayan katangar. Sharaɗi ɗaya ne, bakin wuƙar kar ya taɓa ɗagawa ya wuce tsayin gaɓar nan. In ya wuce to a saukowa kan gaɓar zai dira. Shi ya sa ba a ɗaga wuƙa sama ana sara kamar mahauci a kan ƙashi, ɗan ɗagawa kaɗan ake yi, a tura ta gaba da ƙasa lokaci guda, ta zame ta cikin albasar.

Kuma hannun hagu ne ke ja da baya, wuƙa tana bin sa. In kana son yanka siriri ka ja yatsun baya kaɗan, in kana son mai kauri ka ja da yawa. Kuskuren da nake gani kullum shi ne yaro ya kafe yatsu wuri ɗaya yana turo albasar da babban yatsa zuwa bakin wuƙa, a hankali a hankali babban yatsan ya leƙo ta ƙarƙashin sauran bai sani ba, sai ka ji ya ce wash. Ɗayan kuskuren kuma gajiya ke kawo shi, bayan albasa 40 yatsun sukan miƙe da kansu su kwanta a kan albasar. Da ka ga farcenka ya bayyana a idonka daga sama, ka tsaya ka sake lanƙwasa. Farce ma ka yanke shi gajere, dogon farce ba ya bari yatsa ya lanƙwashe daidai, kuma gutsurensa a cikin abincin kwastoma wani tashin hankali ne daban.

Bari mu ɗauki aiki na gaske. A ce ƙarfe 9 na safe shef ya ce maka yana son albasa kilo 10 yankan ƙanana na jalof da miya kafin 11. In matsakaita ce za ta kai guda 70 zuwa 90. Abin da sabon shiga ke yi shi ne ya ɗauki ɗaya, ya yanke kai, ya ajiye wuƙa ya ɓare, ya nemi inda zai zuba ɓawo, ya ɗauki wuƙa ya yayyanka, ya nemi roba, sannan ya koma kan ta biyu. Ka lissafa sau nawa ya ɗauki wuƙa ya ajiye, sau 80 ko fiye, kuma katakon ya cika da ɓawo mai santsi. Nan lokacinka yake tafiya. Nawar da shef ke faɗa ba a bugun wuƙa take ba, a tsakanin bugun take.

Ga yadda za ka yi. Roba uku: ta ɗanyar albasa a hagunka, ta ɓawo a gabanka bayan katako, ta wadda aka gama a damanka. Sai ka yi aiki iri ɗaya a kan dukkansu kafin ka wuce na gaba. Ka fara yanke kawunan duka, wajen tsiron, ka bar gindin mai saiwa kar ka cire shi, sai dai ka kankare ƙasar da ke jiki. Sannan ka kifa kowacce a kan wurin da ka yanke ta zauna daram, ka raba ta biyu ta tsakiyar saiwar. Ka ajiye wuƙa can saman katako bakinta na kallon waje, ka ɓare duka da hannu, albasar da aka raba biyu ɓawonta cikin sauƙi yake fita. Ka share katako tas. Yanzu ne za ka fara yanka na gaske, kuma daga nan wuƙa ba za ta bar hannunka ba sai robar ta ƙare.

Ɓari guda ka kifa shi a kan shafaffen gefensa, saiwa tana wajen hannunka na hagu. Da tsinin wuƙa ka tsarga shi a tsaye kana bin layukan jikin albasar, tsargi 5 zuwa 7 gwargwadon girmanta, amma kar ka kai har saiwa, ka bar kamar faɗin yatsa, ita ce ke riƙe komai kar ya watse. Sai ka yanka a gicciye daga kai zuwa gindi, da hannun nan na ƙafar kaza. Za ka ga wasu shef suna ƙara wani yanka a kwance, wuƙa tana tafiya zuwa wajen hannunsu na hagu kafin na gicciyen. Ni dai ba na barin sabon yaro ya yi shi a watansa na farko, albasa da ma hawa-hawa Allah ya yi ta, tana rabuwa da kanta, kuma na jalof da zai narke a cikin mai ba wanda zai gane bambanci. Wannan ra'ayina ne, in shef ɗinku ya ce dole to tafin hannunka ya kwanta a saman albasar yatsu a ɗage sama, kuma ka ja wuƙar a hankali kar ka danna.

Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshe, in ya rage ɗan guntun gindi da ba shi da wurin riƙo yana tangal-tangal. Kar ka yi ta bin sa don kar a ce ka yi ɓarna. Ka kwantar da shi a kan sabon gefen da ya fi faɗi ka yi masa yanka biyu ko uku, saiwar ka jefa cikin robar kayan romo. Kuma duk bayan ɓari uku ko huɗu ka kwashe abin da ya taru, katako kar ya wuce rabi a cike, don in ya cika kana matsawa gefe kana yanka a karkace. Wajen kwashewa ka juya wuƙar ka yi da bayanta, jan bakinta a kan katako yana kashe kaifi nan take.

Dokar kifa abu a kan shafaffen gefe ba ta albasa kaɗai ba ce. Karas, dankali, kokwamba, doya, duk abin da ke mirginawa ka fara ɗebe masa siririn yanki a gefe guda ya samu wurin zama. Kabewa kuwa ita ce ke ba ni tsoro a hannun sabon yaro, wuƙa takan maƙale a tsakiya sai ya riƙe kabewar da hagu ta gaban wuƙa yana dannawa da dukkan nauyinsa. In ta maƙale ka ɗora tawul a ninke a kan bayan wuƙar wajen tsini, ka danna da tafin hannu yatsu a sama, hannu biyun duka suna saman ƙarfen ba wanda ke ƙarƙashinsa. Kuɓewa da kifi da fatar kaza kuma santsi ne matsalarsu, kuɓewa ka wanke ta ta bushe kafin ka fara, kuma ka riƙa goge hannu da ƙota, ƙota mai maiƙo ba ta da amana.

Maganar kaifi. Mutane suna mamaki in na ce dakusasshiyar wuƙa ta fi yanke mutum, amma ka gwada a kan tumatir za ka gani. Mai kaifi da ka ɗora ka ɗan ja ta shige fatar. Dakusasshiya sai ka danna, tumatirin ya lotse, ita kuma ta zame gefe da duk ƙarfin da ka sa, kuma a gefen nan yatsanka ne. Albasa ma haka, wuƙa marar kaifi murƙushe ta take yi, ruwan ya fito da yawa, idonka ya cika da hawaye kana yanka ba ka gani. Ƙarfen nan dogo mai kama da sanda da kake ganin shef na goga wuƙa a jiki ba washi yake yi ba, bakin wuƙar ne ke ɗan lanƙwashewa da aiki shi kuma yana miƙar da shi. Kai ka kafa tsininsa a kan tawul a tebur yana tsaye, ka ja wuƙar ƙasa daga gindinta zuwa tsini sau 5 ko 6 kowane gefe a hankali, kar ka kwaikwayi masu yi a iska suna ƙarar kas kas don burga. In ka yi haka har yanzu tana zame wa tumatir to lokacin dutse ya yi. Dutse mai lamba 1000 ya ishe ka, irin wanda ake jiƙawa ka sa shi a ruwa har kumfa ta daina fita. Kwanar da ake so digiri 15 zuwa 20, yadda za ka gane ka tsayar da wuƙar a miƙe, ka kwantar da ita rabi, ka ƙara kwantarwa rabin wannan, sai ka ɗan rage kaɗan. Ka wasa gefe guda har sai ka ji wani ɗan kaushi ya fito a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, kana shafawa daga bayan wuƙa zuwa baki, ba a bin tsawon bakin da yatsa. Sannan ka juya. Masu washi da inji a kasuwa suna da amfani ga adda da gatari, amma wuƙar kicin mai kyau injin yana cinye ta yana ƙona bakin, ni ba na kai tawa.

Kuma kowace wuƙa da aikinta. Wadda kake yanka albasa da ita ba ta ƙashi ba ce, ba ta buɗe gwangwanin tumatir ba ce, na ga yaro ya soka tsini a gwangwani wuƙar ta goce ta shiga tafin hannunsa. Kaza in za ka raba ta nemi gaɓa, ka lanƙwasa cinyar baya har ƙashin ya ɓullo sai ka bi ta tsakanin, wuƙa za ta wuce kamar a man shanu, in ka ji tauri to ba ka kan gaɓa, matsa kaɗan. Kaza ko kifin da ya fito daga firiza yana ƙanƙara kuwa kar ka kuskura ka sa tsinin wuƙa ka ɓamɓare su daga juna. A sauke su firij tun daren jiya, in an makara a sa su a leda ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu.

To sai abin da ya fi ba ni haushi, saboda shi wanda ke jin ciwon ba shi ne ya yi laifin ba. Tabon da ya fi girma a hannuna ba ni na yi wa kaina ba. Ina yaro a wani otal a Abuja, ana tsakiyar aikin wani biki, wani abokin aikina ya gama yanka nama ya jefa wuƙar cikin sinki mai ruwan kumfa ya tafi abinsa, ni kuma na zo na cusa hannu ina neman ludayi. Ɗinki huɗu aka yi min, sati biyu ban riƙe tukunya da kyau ba. Tun ranar duk kicin ɗin da na riƙe, wuƙa ba ta shiga sinki. Wanda ya yi aiki da ita shi zai wanke ta a hannunsa nan take, soso ta wajen bayanta, ya goge ya mayar wurinta. Haka kar ka rufe ta da tawul a kan tebur, wani zai fizgi tawul ɗin don sauke tukunya, kar kuma ka bar ƙotarta ta leƙo bakin tebur. In za ka yi tafiya da ita ka sauke hannu jikin cinyarka, tsini ƙasa baki baya, ka ɗaga murya ka ce wuƙa a baya, kar ka ji kunya ko da kai ne ƙarami a wurin. In wani ya ce miƙo min, ajiye masa a tebur ya ɗauka. In an kira sunanka kana yanka, wuƙa ta tsaya tukunna sannan kai ya juya. In kuma ta suɓuce ta nufi ƙasa, ja da baya ka ɗaga hannu ka bar ta ta faɗi, hannu da kansa yake son cafkewa sai ka horar da shi. Wannan ma shi ya sa silifas ba takalmin kicin ba ne, ka nemi rufaffe mai ƙasan da ba ya santsi.

In tsautsayi ya faɗa, ajiye wuƙa, ka gaya wa na kusa da kai, kar ka ɓoye don tsoron faɗa. Wanke da ruwa mai tsabta, danne da bandeji ko tsumma mai tsabta, ɗaga hannun sama, ka riƙe minti 10 cur ba ka ɗagawa kana leƙe. Ban da gishiri, ban da toka, ban da kananzir ko man birki da ake ba da shawara a unguwa. In jinin ya tsaya sa filasta, a kicin shuɗiya ake so don in ta faɗa abinci a gan ta, sai safar hannu a kai, kuma ranar ka roƙi a ba wani yankan attarugu don za ka gane kurenka. Abincin da ke kan katakon a zubar, a wanke katako da wuƙa. Amma in bayan minti 10 jini bai tsaya ba, ko bakin ciwon ya buɗe kana hango fari a ciki, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ko kansa ya mutu ba ka jin taɓi, to asibiti a ranar ba gobe ba, ƙila jijiya ce ta taɓu, kuma ka tambaye su maganar allurar titanus.

Shi kuma shef, ka same shi lokacin da kicin ya lafa, ba a tsakiyar oda ba, ka ce Oga dan Allah tsaya min minti biyu ka kalli hannuna. Ka riƙa zuwa da minti 30 kafin lokaci ka shirya katako da robobinka. Sati biyu masu zuwa kar ka duba agogo, abin da za ka duba shi ne yankan ya fito girma ɗaya, don in wani babba wani ƙarami ƙananan za su ƙone a mai manyan ba su nuna ba, kuma wannan faɗan ya fi na nawa zafi. Bayan sati biyun ka sa agogon waya a kan albasa 10, ka rubuta, ka sake gwadawa duk Juma'a, sai ka turo min lambobin mu gani.